Darasi na Tara: Yadda Ake Kafa Hanyar Shingaye da Benci, Igiya da Tsofaffin Tayoyi

Wannan darasi na waɗanda ke taimaka wa makarantar firamare ne a unguwa ko ƙauye: malamin da aka ɗora wa darasin motsa jiki ba tare da an ba shi ko da ƙwallo ɗaya ba, da ɗan kwamitin kula da makaranta, da uwa ko uban da ke da awa biyu ranar Asabar. Za mu ga yadda ake shirya hanya mai shingaye biyar domin yaran aji huɗu zuwa aji shida, wato masu shekara 9 zuwa 12, waɗanda a Nijar ake samu a azuzuwan ƙarshe na firamare. Kayan aikin duk suna kusa: benci daga aji, igiya daga kasuwa, taya daga wurin mai faci.

Hanyar shingaye fili ne da aka jera abubuwa a cikinsa, yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya, nan ya taka a hankali, can ya tsallaka, gaba ya yi rarrafe. Wanda ya fi shahara da tsara irin wannan horo shi ne Georges Hébert, wani hafsan sojan ruwa na Faransa da ya rayu daga 1875 zuwa 1957. Ya kasa motsin ɗan Adam gida goma, cikinsu har da gudu, tsalle, rarrafe, hawa da daidaita jiki, ya ce a riƙa haɗa su a hanya ɗaya maimakon a tsaya wuri guda ana ɗaga hannu ana saukewa. Daga nan sojoji suka ɗauka. Amma yaron aji biyar ba kurtu ba ne. Katanga mai tsawo da lilo a kan rami a bar wa bariki. A tamu hanyar babu inda ƙafar yaro za ta yi nisa da ƙasa fiye da santimita 60, domin ko a ƙa'idar filayen wasan yara ta ƙasashen Turai, daga wannan tsawo zuwa sama ne ake wajabta shimfiɗa abin da zai tare faɗuwa.

Zaɓen taya

A nan ya kamata a daɗe, domin taya ita ce ta fi yawa a hanyar, ita ce kuma ta fi ɓoye sharri.

Ku duba gefen kowace tayar mota, za ku ga rubutu irin wannan: `195/65 R15`. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 195, wato kusan santimita 20. Idan aka kwantar da ita a ƙasa, tudunta ke nan. Lamba ta ƙarshe girman ramin tsakiya ne a inci: inci 15, kimanin santimita 38. Daga baki zuwa baki kuwa, irin wannan taya tana kai santimita 63 da 'yan kai. Waɗannan lambobi uku su ne ma'auninmu, ba sai an nemi tef ba.

Tafin ƙafar yaro ɗan shekara 11 yakan kai santimita 22 zuwa 24, da takalmi ya ɗan fi haka. Rami mai santimita 38 ya ishe shi ya zura ƙafa ya zare da gudu. Tayar inci 13 ma, mai rami santimita 33, za ta yi. Wadda ba za ta yi ba ita ce tayar keke mai ƙafa uku, wadda a gefenta za ku ga `4.00-8`. Raminta inci 8 ne, santimita 20 kacal. Ƙafa ta shiga da ƙyar, jiki ya yi gaba, ita kuwa ta maƙale a baya, sai targaɗe. Kuma irinta ce ta fi yawa a wurin masu faci a garuruwanmu, ita za a fara miƙo muku. Ku karɓa, tana da wani amfani a gaba, amma ba a shingen takawa ba.

Na taɓa zuwa neman tayoyi wurin wani mai faci a bakin tasha. Ya nuna min tsibi a bayan rumfarsa ya ce, "Malam, ɗebi son ranka, dama wuri suka tare min." Na sunkuya zan ɗauki ta sama, sai ya riƙe min hannu. Ya ɗauko tsumma ya naɗe a tafinsa, ya shafa bayan tayar a hankali ya zagayo. Tsumman ya maƙale a wuri biyu. Da muka duba, sai ga 'yan siraran wayoyi sun leƙo, masu tsini kamar allura, sun yi tsatsa. Ya ce, "Wannan ta ci har ta kai waya, Malam. Yaro ya dafa ta, sai jini." Tun daga ranar da tsumma nake gwada taya. Tayoyin motocin yanzu suna da shimfiɗar wayar ƙarfe a ƙarƙashin inda ke taka titi, da kuma zoben waya a bakin rami. Duk wadda ta suɗe har wayar ta fito, ko bakin raminta ya yage, a bar ta. Ba a gyara ta da filaya, domin wadda aka yanke yau wata za ta fito gobe.

Bayan zaɓe sai wanki da omo da ruwa, ciki da waje, saboda baƙin mai da ɓarɓashin kwalba. Sannan huji. Tayar da ke kwance tana tara ruwa a cikin kumatunta na ƙasa, ruwan da ko an karkata ta ba ya fita duka. Sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma irin sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi ya fi son ruwan taya da na gwangwani. A huda gefen da zai kalli ƙasa wuri huɗu, kowane huji ya kai kaurin babban yatsa. Gefen tayar ƙaramar mota ba shi da waya, don haka ya fi sauƙin hudawa. Idan da rodi mai zafi za a huda, babba ne zai yi, a fili, yara na nesa, domin hayaƙin roba guba ne.

Idan hanyar za ta zauna wuri ɗaya, abin da ya fi shi ne a cusa yashi a cikin kumatun tayar har ya cika. Yashin yana hana ta zamewa, yana hana yatsun ƙafa shigewa ƙarƙashin leɓen rami, kuma kunama da maciji ba su samun wurin kwana. Idan kuwa kullum sai an kwashe an kai sito, to a ɗaure tayoyin da juna da guntayen igiya, kuma kowace safiya kafin yara su taɓa, babba ya buga kowace da sanda ya kifa ta.

Benci da igiya

Bencin aji yakan kai mita biyu a tsawo, tudunsa santimita 35 zuwa 40, faɗin katakon sama kamar taki ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne: babban mutum ya hau, ya taka daga wannan kai zuwa wancan, ya tsaya a can ƙarshe. Idan ɗaya kan ya ɗaga, ƙafafun sun shige ciki da yawa, yaro na isa ƙarshe zai tuntsure da shi. Idan ya yi rawa hagu da dama, a kai wa kafinta ya buga masa katako a gicciye tsakanin ƙafafun. A bi kan ƙusoshi da guduma, a goge gefuna da samfefa saboda sartse. Bencin da ke haɗe da tebur, da mai ƙafar ƙarfe da walda ta saki, ba su shiga wannan aiki.

Igiya kuwa, ta rama ko ta auduga mai kaurin yatsa ta fi daɗin hannu. Igiyar roba irin ta guga ta fi araha, sai dai tana ƙona fata idan ta goga da ƙarfi, kuma rana na cinye ta. Alamar ta mutu ita ce ta koɗe, in an murza ta tana zubar da gari. A naɗe ta a shigar da ita ɗaki bayan kowane darasi. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: kada a bar zarge ko madauki a jikin igiya, kuma kada a ɗaura ta a tsawon wuya ko ƙirjin yaro a ko'ina cikin filin.

Hanya ɗaya tana cin benci 3, taya 14, igiya kamar mita 20, da jarka uku cike da yashi. Aji mai yawa yana bukatar hanya biyu, sai a ninka.

Jera shingayen

A nemi fili mai tsawon mita 35 da faɗin mita 10, shimfiɗaɗɗe, nesa da rijiya da katanga da hanyar babura. Idan babu tef, babban taku na namiji baligi ya kusa mita ɗaya. Yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su tsince shi tsaf: dutse, kwalba, ƙusa, ƙarangiya, da tsidau wanda ya fi kowa mugunta ga mai rarrafe. A ja layin farawa da toka.

Mita uku daga layin sai shinge na farko, benci ɗaya a miƙe, yaro ya bi ta kansa da tafiya, hannuwa a buɗe, ya sauka da ƙafa biyu gwiwa a ɗan lanƙwashe. A zuba yashi mai kauri a inda ake sauka. Bayan mita uku kuma sai tayoyi takwas a kwance, layi biyu, huɗu-huɗu, layin dama ya ɗan gota na hagu da rabin taya, yadda ƙafar dama za ta faɗa ramin dama, ta hagu ta faɗa na hagu. Wannan zai ci kusan mita uku.

Shinge na uku rarrafe ne. A ajiye benci biyu gefe da gefe, mita ɗaya a tsakaninsu, a zagaya igiya daga wannan zuwa wancan sau biyar, ta zama kamar rufi. Yaro ya kwanta rub da ciki ya ja jiki ya fita ta can. A ɗora buhun yashi a kan kowane benci, ko a zaunar da yaran da ba su gudu a ranar, don kada wanda ya ɗago baya ya jawo benci a kansa. Tsohuwar tabarma a ƙasa tana ceton gwiwar hannu da kuma yunifom, ta raba ku da ƙorafin iyaye.

Na huɗu tsalle ne, igiya uku, mita biyu tsakanin kowace da ta gabanta. Na biyar jarkoki uku a jere, su ma mita biyu-biyu, yaro ya bi ta tsakaninsu yana karkacewa har layin ƙarshe. Tsakanin kowane shinge da na gaba mita uku ne. Idan kuka haɗa za ku samu mita 30 daidai, biyar ɗin da suka rage na tsayawa ne, don kada mai gudu ya ƙare a jikin bango.

Shingen tsalle yana bukatar ƙarin bayani, kuma a kansa na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. A wata makaranta da na koyar, na kafa turaku na ɗaure igiya tam a tsawon gwiwa, na raba aji gida biyu na ce a yi tsere. Yaro na shida ko na bakwai, wani dogo mai gaggawa, ya waiga don ya ga abokin karawarsa, ɗan yatsansa ya kama igiyar. Igiya ba ta saki ba, turke bai saki ba, shi ne ya tafi da haɓa. Ya tashi bakinsa duk ƙasa da jini yana cewa, "Malam, ban faɗi ba, a bar ni in ƙarasa." Sai da aka yi masa ɗinki. Laifin ba na yaron ba ne. Igiyar tsalle ba a ɗaure ta. A kwantar da taya ɗaya a dama ɗaya a hagu, a ɗora igiya mai mita biyu a kansu, a ƙulla ɗan ƙunshin yashi a leda, kamar cikin hannu, a kowane bakinta don ta miƙe. Ƙafa na taɓa ta sai ta zame ta faɗi, yaro ya wuce abinsa. Tudun tayar mota, santimita 20, ya isa a fara da shi, kuma ga inda ƙananan tayoyin nan da muka ajiye za su yi aiki: ɗaya ga masu jin tsoro, biyu a ɗore ga waɗanda suka saba. Turke kuma ya fita daga filin gaba ɗaya, domin faɗawa kan turke ya fi faɗawa ƙasa muni.

Me ya sa benci ya zo farko? Dalili biyu ne. Daidaita jiki a kan katako yana son ƙafar da ba ta gaji ba da numfashin da bai tashi ba. Yaron da ya yi tsalle ya yi rarrafe sannan ya hau benci, ƙafarsa rawa take. Na biyu, benci shi ne shingen da ya fi cin lokaci. Idan yana tsakiya, masu sauri za su taru a bayan mai tafiyar hawainiya, su ture shi. Idan yana farko, duk jiran a bayan layin toka ake yinsa, inda kowa ke tsaye a ƙasa. Abin da aka bar wa ƙarshe, zagaya jarka, shi ne wanda ko an gaji an yi kuskure ba a jin ciwo.

Lissafin lokaci: aji mai yara 60

Yawancin hanyoyin shingaye da na gani sun mutu ba don kaya sun lalace ba. Layi ne ya kashe su. Bari mu yi lissafin.

A ce aji biyar yana da yara 60, darasin kuma minti 35 ne. Matsakaicin yaro yana cin daƙiƙa 10 a kan benci, 5 a tayoyi, 8 a rarrafe, 5 a tsalle, 5 a jarkoki, da kamar 12 a guje-gujen tsakani. Jimla daƙiƙa 45. Idan hanya ɗaya ce, kuma sai wanda ke ciki ya gama ake sakin na baya, 60 sau 45 ya ba da daƙiƙa 2,700, wato minti 45. An buga ƙararrawa ke nan yara goma sha ba su ko taɓa benci ba, sauran kuma sun yi motsin da bai kai minti ɗaya ba, sun shafe ragowar lokacin suna tsokanar juna a rana.

Gyara na farko, hanya biyu, yara 30 a kowace, da tazarar mita uku a tsakani. Gyara na biyu, ba a jiran mutum ya gama. Da zarar na gaba ya sauka daga benci ya zura ƙafa a tayar farko, sai a saki na baya. Wannan yakan zo kamar kowace daƙiƙa 15. Yaro na talatin zai tashi bayan 29 sau 15, daƙiƙa 435, ya ƙara 45 na kansa, 480. Minti takwas ke nan, aji duka ya wuce. Ba a bukatar agogo don sakin yara. A tsayar da ɗalibi ɗaya mai hankali a bakin layi, hannunsa a gaban na farko kamar ƙofa, idonsa a kan tayar farko.

Duk da haka, minti takwas don motsin daƙiƙa 45 bai wadatar ba. Don haka kafin a bi hanyar gaba ɗaya, a raba ajin rukuni biyar na yara 12, kowane rukuni a shinge ɗaya, shida a hanyar dama shida a ta hagu. Su yi ta maimaita shingensu minti uku, a busa usur, kowa ya matsa gaba, na shinge na biyar su dawo na farko. A benci, inda aka fi jinkiri, kowane yaro zai samu hawa biyu ko uku. A tayoyi zai samu fiye da haka. Darasin sai ya kasance minti 5 na ɗumama jiki da sassarfa da juya idon sawu, minti 15 na rukuni-rukuni, minti 8 na bin hanya duka, minti 7 kuma na sauya wuri da shan ruwa da kwashe kaya. Kwashe kayan ma aikin yaran ne: benci mutum biyu, taya a gara ta, wanda dama sun gwanance a kai tun suna wasan gare.

Kowa ya bi hanya ta fuska ɗaya. Wanda ya gama ya dawo ta wajen fili, ba ta tsakiya ba. Malam ya tsaya a gefe daidai tsakanin benci da tayoyi, rana a bayansa, inda zai ga layi biyun a kallo ɗaya.

Tufafi, yanayi da waɗanda za a sa wa ido

Silifas ba ya shiga hanya. Yana zamewa a kan katako, yana maƙalewa a leɓen taya. Kambas ya fi, sandal mai maɗauri a dunduniya zai yi. Ƙafa ba takalmi ta fi silifas idan an tsince filin sosai kuma da safe ne, domin baƙar roba da ta sha ranar bazara tana iya ƙona tafin ƙafa. Ku ɗora bayan hannunku a kan taya ku ƙirga biyar. In ba ku iya jurewa ba, yaro ma ba zai iya ba.

'Yan mata su sa wando a ƙarƙashin riga. Dogon hijabi yakan shiga ƙarƙashin gwiwa a wurin rarrafe, yarinya ta ja jiki gaba, shi kuwa ya ja wuyanta baya. Ba sai an ce ta cire ba: ta tattara shi ta cusa a cikin riga ko ta ɗaure a ƙugu, a kuma cire fil da allura. A azuzuwan nan wasu sun fara girma, kuma na lura yarinyar da ta fi kowa tsalle a aji huɗu takan noƙe a aji shida idan maza na kallo. Hanya biyun nan ta warware matsalar, ɗaya ta mata ɗaya ta maza, in da hali malama ta tsaya a ta mata.

Lokacin da ya fi shi ne darasin farko ko na biyu na safe. Daga Maris zuwa Mayu, inda zafi ke haura digiri 40 a yawancin ƙasar Hausa, kada a yi bayan ƙarfe goma. Da hunturu a yayyafa ruwa a wurin rarrafe don ƙura ta kwanta. Da damina a goge benci ya bushe, jiƙaƙƙen katako santsi gare shi. A watan azumi da yawa daga 'yan aji shida suna ɗauke da shi, sai a bar tsere a tsaya kan tafiyar benci da taka taya a hankali.

Tun farkon zango a tambayi iyaye wane ne mai sikila, wane ne mai asma, wane ne mai farfaɗiya. Mai sikila yana iya shiga, amma a kan saurin kansa, ya sha ruwa kafin da bayan, ya tsaya da zarar ya ji gajiya, kuma kada a sa shi a tsere. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, ranar ƙura kuma a ba shi aikin tsaron layi.

Idan an ji rauni, ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe, ba a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Yankan waya ko ƙusa mai tsatsa a kai asibiti a tambayi allurar tetanus. Ƙafar da ta gurɗe kada a ja ta, kada a murza. A ɗaga ta, a sa tsumma mai sanyi. Idan yaro ya kasa taka ta, ko wurin ya karkace, na asibiti ne. Wanda ya bugu a kai sannan ya yi amai, ko ya rikice, ko barci ya riƙa fizgarsa, a tafi da shi nan take a kuma sanar da gida.

Yadda ake gane ana ci gaba

Makonni biyun farko kada a kawo agogo ko kaɗan. A bar yara su koyi shingayen. Kuskurensu ma yana gaya wa malam abin da ya kamata ya gyara. Mai kallon yatsun ƙafarsa a kan benci shi ne mai faɗuwa, a ce ya kafa ido a ƙarshen katakon. Mai taka bayan taya maimakon rami bai ɗaga gwiwa ba ne. Idan kuwa yara da yawa suna tuntuɓe a wuri ɗaya, ku daina yi musu faɗa ku duba wurin: ko tayoyin sun yi nisa da juna, ko igiyar ta yi sama, ko tazarar ta yi kaɗan.

Daga mako na uku ana iya auna lokaci da agogon waya, amma da tara. Duk wanda ya sauko daga benci kafin ƙarshe, ko ya tsallake taya, ko ya kayar da igiya, ko ya taɓa jarka, a ƙara masa daƙiƙa uku. A ce yaro ya gama a daƙiƙa 38 da kuskure uku, lokacinsa 47. Wata ta gama a 44 ba kuskure, lokacinta 44, ita ce a gaba. Ranar da aka fara karanta irin wannan sakamako za ku ji gunaguni daga masu gaggawa, mako mai zuwa kuma za ku ga sun rage gudu a kan benci ba tare da an ce musu komai ba. A rubuta lokacin kowa a littafi sau ɗaya a wata, a gwada shi da nasa na baya. Tsakanin ɗan shekara 9 da ɗan shekara 12 akwai bambancin tsawon ƙafa da babu horon da zai cike shi, don haka jera su a ma'auni ɗaya zalunci ne.

Idan hanyar ta zama musu ruwan sha, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. A bi benci da gefe, ko da kofin ruwa a hannu. A taka tayoyi da ƙafa biyu a haɗe. A ɗaga igiyar tsalle ta ƙarshe zuwa tayar mota biyu, kusan santimita 40, ga 'yan aji shida. Ɗora benci a kan benci kuwa, ko jingina shi a kan taya ya zama gangare, kada a yarda ko da yaran sun roƙa, kuma za su roƙa.

Aikin yi

1. Ku nemo taya uku a unguwarku, ku kwafi rubutun da ke gefensu, ku faɗi faɗin ramin kowace a santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wacce za ta yi a shingen takawa, wacce ba za ta yi ba?

2. Wata makaranta tana da yara 84 a aji shida da hanya biyu. Idan ana sakin yaro kowace daƙiƙa 15, kuma kowa na cin daƙiƙa 45, minti nawa za a ɗauka kafin aji ya wuce duka? Idan aka ƙara hanya ta uku fa?

3. Wani malami ya jera shingayensa haka: tsalle, rarrafe, jarkoki, tayoyi, benci. Ku faɗi matsala biyu da zai gamu da su.

4. Ku biyu-biyu, ku je filin makarantar da ta fi kusa da ku, ku auna shi da taku, ku zana a takarda inda hanya biyu za su zauna, da inda rana take da ƙarfe tara na safe, da inda malam zai tsaya. Ku kawo zanen a zama na gaba.